Wane Ɓangaren Injin Niƙa Yaron Shago Zai Iya Bugawa da Firintar 3D?

"Assalamu alaikum. Ina rubuta gajeren labari a kan wani yaro mai koyon gyaran lantarki a Katsina. Injin niƙan unguwarsu ya lalace ana gab da azumi, sai ya zana abin da ya karye a kwamfuta ya buga shi da firintar 3D. A rubutuna na farko dutsen injin ne ya fashe, yaron ya buga sabo. Hakan zai yiwu? In ba zai yiwu ba, me zan sa ya karye, kuma yaya aikin yake tafiya? Ba na son wanda ya san sana'ar ya karanta ya ce ban san abin da nake faɗa ba."

Wa alaikumus salam, Malama. Ki cire dutsen daga labarin. Faifai biyun nan masu haƙora da masu niƙa ke kira dutse ƙarfen zubi ne, kuma duk da taurinsu gero da masara suna cinye haƙoransu har sai an kai an wasa su. Firintar da yaro zai iya samu a Katsina roba take narkarwa, tana jera ta hawa-hawa. Dutsen roba ba zai gama tiya ɗaya ba zai narke, garin kuma ya fito da ɓarɓashin roba a ciki. Haka sukurun da ke tura hatsi cikin dutse, shi ma a bar shi. Ban da ƙarfin da yake ɗauka, duk abin da aka buga da irin wannan firinta yana da siraran ramuka tsakanin hawa da hawa, gari ko ƙullu ya maƙale a ciki ya ruɓe, wanki ba ya fitar da shi. Fulen da bel ke hawa kansa kuwa gogayyar bel za ta ɗumama shi ya yi laushi cikin ɗan lokaci.

Akwai wata tambayar da mai karatu ɗan Katsina zai yi miki ko da kin zaɓi ɓangaren da roba za ta iya: me ya hana a kai wa mai walda? Idan hannun sukurun matse dutse ne ya karye, mai walda zai liƙa masa guntun rodi kafin a sha shayi, kuma zai fi na roba ƙarko. Saboda haka abin da zai karye a labarinki dole ya kasance tun asali na roba ne, ba ya taɓa abinci, ba ya ɗaukar nauyin niƙa, walda ba ta gyara shi, kuma rashinsa yana tsayar da inji cak. Abin da ya cika waɗannan sharuɗɗa duka shi ne fankar da ke bayan moton lantarki.

Wannan yana nufin injin labarinki mai moto ne, ba mai fetur ko dizal ba. Ki faɗi haka tun farko, domin da yawan injinan unguwa na mai ne.

Abin da fankar take yi

Moton da ake sa wa injin niƙa a rufe yake ruf, don kada ƙurar gari ta shiga cikin koyil, wato naɗin wayar da ke cikinsa. Tun da iska ba ta shiga, zafi ta bangon moton yake fita, shi ya sa kike ganin jikinsa da tsage-tsagen ƙarfe a jere kamar haƙarƙari. A ƙarshen shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar moto, ta baya, akwai fankar roba cikin wani murfin kwano mai raga. Fankar tana jan iska ta ragar, ta watsa ta gefe, murfin kuma ya karkatar da ita ta bi ta kan haƙarƙarin nan. Murfin rabin aikin yake yi. Mai niƙan da ya cire murfi ya ajiye yana ganin moto zai fi shan iska, ya cuci moton ne, domin iskar gefe take tafiya ba ta bi jikinsa.

Idan fukafukan fanka suka karye moto ba ya tsayawa nan take. Yana ci gaba da juyawa, yana ɗaukar zafi, bayan ɗan lokaci a fara jin ƙaurin fenti. In yana da makarin zafi sai ya riƙa yankewa yana dawowa bayan ya huce, in babu koyil ya ƙone. Masu wannan aiki suna da ƙa'idar da suke aiki da ita: duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade wa koyil yana rage rabin rayuwar rufin wayarsa. Kuma yawancin motoci an ƙayyade su ne a kan iskar waje ba za ta wuce digiri 40 ba, alhali a Katsina watan Afrilu da Mayu rana tana wuce hakan, balle cikin rumfar kwano. To kin ga kin samu lalacewar da ta dace da labari. Inji yana aiki minti goma sha biyar ya tsaya, a jira ya huce, kwanukan gero da dawa sun yi layi, yara suna zaune a kansu, iyayensu mata suna aiko a tambaya.

Saura dalilin da ya sa ba a sayo sabuwa ba. Fankar moto ba abu ne mai tsada ba, kuma masu naɗin koyil sukan tara tsofaffi. Sai dai girmanta bai zama ɗaya ba. Ramin tsakiya, faɗi, tsawon fukafuki da yadda take kama shaf duk sun bambanta daga moto zuwa moto. Ki sa maigidan yaron ya zazzage buhun tsofaffin fankoki, wata raminta ya yi yawa, wata ta shiga amma tana goga murfi, a ce sai an aika Sabon Gari a Kano kuma ba tabbas. Wannan ya isa dalili, kuma haka abin yake faruwa.

Kafin yaron ya taɓa kwamfuta

Nan ne ake gane yaron da ya koyi aiki. Zai fara cire wuta gaba ɗaya, kuma in moton na layi ɗaya ne, irin mai aiki da wutar gida, zai tuna cewa kafasita, ɗan gwangwanin nan da ke taimaka wa moto tashi, tana riƙe wuta bayan an kashe. Sannan ya tambayi kansa me ya karya tsohuwar fankar, domin abin da ya karya ta zai karya sabuwa. Zai duba cikin murfi. In ya ga zoben gogewa mai sheƙi, fankar tana taɓa murfi ne, ko dai murfin ya lotsa, ko boris, zoben ƙwallayen da shaf ke juyawa a cikinsa, ya ci. Zai kama bakin shaf ya girgiza sama da ƙasa. In ya ji wasa, boris ne, kuma sai an canza shi kafin a yi maganar fanka. In shaf lafiya yake, murfin ne ya lotsa ta gefe ɗaya, to wani abu ne ya faɗa masa, a buga shi da guduma ya koma. Don labarinki na fi son wannan na biyun, buhun masara ne ya zame ya danne murfin, mai niƙa bai lura ba ya tayar da inji.

Sai awo. Kayan aikinsa kalifa ce, ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da ke nuna har kashi ɗaya cikin goma na milimita ko fiye. Tef ɗin tela ko rula ba sa wannan aiki. Zan ba ki lambobin misali da suka yi daidai da moto mai kilowat 2.2, ki yi amfani da su yadda suke, amma a aikin gaske kowane moto sai an auna shi.

Kaurin shaf milimita 24. An shafe gefensa ɗaya ya zama fili don fanka ta samu abin kamawa, kuma daga filin zuwa bayan shaf milimita 22 ne. Zai auna kaurin a wuri uku yana juya kalifar, bayan ya goge tsatsa da ragowar tsohuwar roba, domin tsatsa kaɗai tana ƙara kashi biyu cikin goma. Daga kafaɗar shaf inda fanka ke tokarewa zuwa tsagin da zoben ƙarfe mai riƙe ta yake shiga milimita 25 ne, wannan shi ne tsawon cibiyar fankar. Cikin murfi faɗinsa 170, saboda haka fanka 160, a bar milimita 5 kowane gefe. Yawan fukafukai kuwa daga kututturen da suka rage a tsohuwar cibiya zai ƙirga. A ce bakwai ne. Duk wannan a takarda zai zana shi da fensir tukuna, kuma ina ba ki shawara takardar nan ta fito a labarin, da tabon giris a jikinta, don babu mai aikin da ke tafiya wurin kwamfuta da lambobi a ka.

Zai lura fukafukan tsohuwar a miƙe suke, ba su da lanƙwasa irin ta fankar ɗaki. Yaro mai ƙwazo zai so ya lanƙwasa nasa don su fi kyau, kuma nan ne maigidansa zai tsawata masa. An yi su a miƙe ne don moto yana iya juyawa hagu ko dama gwargwadon yadda aka haɗa wayarsa, kuma miƙaƙƙen fiffike yana watsa iska ko ta ina aka juya.

Zanen

Daga cikin manhajojin zane na kyauta da ke aiki ba tare da intanet ba akwai FreeCAD da OpenSCAD. Ta biyun rubutu ake yi mata maimakon jan layi, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Ga fankar gaba ɗaya da lambobin da ke sama:

```
$fn=96;
difference(){
  union(){
    cylinder(d=120,h=3);
    cylinder(d=44,h=25);
    for(i=[0:6]) rotate(i*360/7)
      translate([20,-1.5,0]) cube([60,3,30]);
  }
  difference(){
    translate([0,0,-1]) cylinder(d=24.3,h=40);
    translate([10.15,-15,-2]) cube([5,30,50]);
  }
}
```

Abin da rubutun ke cewa shi ne: a yi faifai mai faɗin 120 da kauri 3, a ɗora cibiya mai faɗin 44 da tsawo 25, a jera fukafukai bakwai kewaye, kowanne kauri 3 tsawo 30, sannan a huda rami a tsakiya a bar masa gefe ɗaya a shafe. Wannan gangar jiki ce kawai. Kafin a buga sai an cike gindin kowane fiffike da gangare na kamar milimita 3 inda ya haɗu da faifai, a kuma sare kusurwarsa ta sama ta waje don murfin a lanƙwashe yake ta can.

Ki lura ramin 24.3 ne ba 24 ba. Rami a firinta kullum ƙarami yake fitowa, da kamar kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na milimita, saboda narkakkiyar roba tana matsowa ciki idan bakin firinta yana zagaye, sannan tana tsukewa idan ta huce. Nawa ne daidai? Wannan ya danganta da firintar da robar, kuma ba a ƙiyasta shi, gwadawa ake yi. Yaron zai buga ƙananan zobba biyar masu kauri milimita 5, ramukansu 24.0, 24.1, 24.2, 24.3 da 24.4, kowanne da lambarsa a jiki. Ba za su ci fiye da sa'a ɗaya ba. Ya zuba su a aljihu ya hau keke ya koma wurin injin. Wanda ya shiga da tura hannu mai ƙarfi ko ɗan bugun katako, ba ya wasa, shi ne. Wanda ya zurma da kansa ya yi yawa, wanda sai da guduma kuma zai tsage cibiya daga baya. Kuma ya kula da bakin zoben na ƙasa, domin hawan farko yakan baje ya tsuke ramin, sai a kankare shi da wuƙa kafin a yanke hukunci.

Ina ganin zobban nan su ne mafi kyawun abin da za ki samu a labarin. Mai niƙa zai ga yaro ya dawo da 'yan zobba maimakon fanka ya ce, "Yaro, wannan ne abin da ka ce in jira?" Shi kuma ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, gara in ɓata sa'a ɗaya da in ɓata yini." Gaskiya ya faɗa, domin fankar kanta za ta ci sa'o'i bakwai zuwa tara a firinta ta gama-gari, da roba kusan giram 100 daga cikin ƙullin kilo ɗaya.

Daga OpenSCAD zai fitar da fayil na STL, ya buɗe shi a manhajar da ke yanka zane hawa-hawa, kamar Cura. Bakin firinta na milimita 0.4, kowane hawa 0.2, ke nan hawa 150 kafin a kai ƙarshen fiffike. Faifan zai kwanta a kan farantin firinta fukafukai suna kallon sama, don haka ba a buƙatar tokari. Bango ya zama zagaye biyar ko shida, cibiya kuma a cike ta tam. Ƙarfin abin da aka buga a bango yake, ba a saƙar ciki ba, kuma sababbin hannu sukan juya wannan, su cika ciki su bar bango biyu.

Inda abin yake lalacewa

Kowa zai zaci juyawa ce za ta tarwatsa fankar. Ba ita ba ce. Wutar Nijeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma moton irin wannan yana juyi kamar 1,440 a minti. Bakin fanka mai faɗin milimita 160 yana gudun mita 12 ke nan a daƙiƙa, kuma jan da wannan ke yi wa robar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da za ta iya ɗauka ba. Ko moton mai juyi 2,900 ne, jan ya ninka huɗu kawai, har yanzu da sauran nisa. Abin da ke kashe fankar bugawa zafin shaf ne, sai fizgar tashi.

Robar da za a tarar a kusan kowace firinta ita ce PLA, domin ita ce mai sauƙin bugawa. Tana da tauri a hannu, har mutum ya yi zaton ta fi sauran. Amma tana fara laushi a wajen digiri 60. Shaf ƙarfe ne da ya ratso ta tsakiyar moto, yana kawo zafin ciki kai tsaye zuwa ramin fanka, kuma a moton da ya yi yini yana niƙa da rana, kaiwa digiri 60 ko 70 ba abin mamaki ba ne. Mafi muni shi ne bayan an kashe, domin iska ta tsaya amma zafin ciki yana ci gaba da fitowa.

Ga yadda zai kasance a labarin, kuma haka yake a zahiri. Yaron ya buga da PLA don ita ya samu. Ya ɗaura da yamma, iska tana fita da kyau, an niƙe layin ranar, an sa masa albarka. Washegari da azahar cibiya ta yi laushi. Duk tashin moto shaf yana fizgar filin nan na cikin rami, filin yana ɗan lotsawa, har ramin ya kusa zama zagaye. Sai fanka ta fara wasa, ta karkata, a ji ƙaf-ƙaf-ƙaf a cikin murfi. Idan ya ciro ta zai ga fukafukai lafiya lau sai ɗan gogewa a baki, amma cikin ramin ya yi santsi yana sheƙi, filin ya shafe, kuma zoben gwaji mai 24.3 da ya ajiye a aljihu har yanzu yana kama shaf tsam. Wannan ne zai nuna masa cewa awonsa daidai ne, robar ce ba ta dace ba. Da fiffike ne ya ɓalle daga gindi ya bar wuri sumul kamar an yanka da reza, to wannan wata cutar ce daban, hawa ne bai manne da hawa ba.

Robobi biyu ne mafita. PETG tana jurewa har wajen digiri 80, ana buga ta da baki a 230 zuwa 245 da faranti a 70 zuwa 80, kuma ba ta da rigima sosai. Ga moton da ba ya wuce gona da iri za ta yi, amma tazarar ba ta da yawa. ABS tana kaiwa wajen 105, ita ce ta dace da wannan wuri, sai dai tana da hali. Tana son baki a 240 zuwa 255, faranti a 100 zuwa 110, kuma tana tsukewa sosai idan ta huce. Faifai mai faɗi irin namu shi ne abin da ta fi ƙi: gefensa ya ɗaga daga faranti tun a hawa na ashirin, fukafukai su tsage a tsakiya in iska ta buge su. Da hunturu, ko a ɗakin da fankar sama ke juyawa, ba za a gama ba. Maganinsa a rufe firintar. In ba ta da akwatinta, babban kwali yana yi, amma kada ya taɓa faranti ko wayoyi, kuma kada a tafi a bar shi. A shafa gam na takarda a faranti, a sa wa zanen leɓe na milimita 8 kewaye don ya ƙara kamu, a kashe ƙaramar fankar da ke hura robar ko a rage ta sosai. Tana da wari, kuma ba a son shaƙarsa, don haka ba ɗakin kwana ba. Sannan dole ya sake buga zobba, domin lambar da ta yi wa PLA ba za ta yi wa ABS ba.

Kada ki manta da wuta. Firinta mai riƙe faranti a digiri 100 tana cin kamar wat 200 a matsakaici, sa'o'i takwas ke nan kilowat-awa 1.6. Batirin sola mai bol 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2.4 a lissafi, amma in na dalma ne rabi kawai ake sha in ana son ya daɗe. Ke nan batir ɗaya ba zai kai shi gaci da dare ba. Ko dai biyu, ko ya fara da hantsi rana tana ciyar da batirin. Wasu firintocin suna ci gaba daga inda suka tsaya in wuta ta dawo, amma ga ABS wannan bai cika amfani ba, domin da faranti ya huce abin yake saki, kuma ko bai saki ba, hawan da aka tsaya a kansa ya zama layin rauni da fiffike zai karye a kai. In kina son tashin hankali a tsakiyar labari, ɗaukewar wuta a hawa na arba'in ta fi duk wani abin da za ki ƙirƙira.

Ɗaurawa da gwaji

Idan ta huce ta saki faranti da kanta, zai yanke leɓen ya goge bakin. Sai ya duba daidaito: ya zura sandar ƙarfe mai santsi a ramin, ya ɗora bakunanta a kan gefuna biyu da suke daidai, ya saki. In kullum gefe ɗaya ne ke gangarowa ƙasa, ya fi nauyi, a goge bakin fiffiken da samfefa kaɗan-kaɗan. Fanka mai giram 100 ba za ta girgiza moto mai nauyin buhu ba, amma rashin daidaito yana cin raminta a hankali.

Faifan yana kallon moto, fukafukai suna kallon raga. In aka juya ta, faifan ya toshe hanyar iska, kuma wannan kuskure ne da ake yi da gaske. A tura ta har kafaɗa, a mayar da zoben ƙarfe cikin tsaginsa, a rufe murfi, a juya da hannu zagaye biyu ana saurare kafin a ba da wuta. Kada yaronki ya tsaya daidai gefen fankar a tashin farko, kuma kada ya tayar babu murfi.

Sannan a bar moto ya yi minti goma babu hatsi. Tafin hannu a kan haƙarƙari ya ji iska tana bi har gaba. Sai a zuba hatsi, ya maƙala mitar awon amfiya a waya ɗaya ya kwatanta da abin da ke rubuce a farantin jikin moton. In an rubuta 13 yana ganin 17, fanka ba za ta cece shi ba, ko da ta kamfani ce. Ko dai an matse dutse fiye da kima don gari ya yi laushi a zagaye ɗaya, ko bel ya yi tsauri, ko wutar ta yi ƙasa, ko kafasita ta gaji. Mai niƙa ya sassauta dutse ya mayar da garin sau biyu, ya fi masa arha a kan naɗin koyil. Zafin jiki kuma, in akwai ma'aunin zafi mai kamar ƙaramar bindiga a auna kusa da cibiya bayan sa'a biyu ana aiki, a sake aunawa minti biyar bayan an kashe. In babu, hannu yana ba da labari: ƙarfen da ba za ki iya riƙewa fiye da 'yan daƙiƙu ba, to ya kai wajen digiri 60.

Ban ba ki shawarar ki rufe labarin da cewa fankar ta zauna har abada ba. Ta kamfani an zuba ta ne a dunƙule, ta yaron kuwa hawa 150 ce da aka manna, kuma tsawon ranta ya rataya ne a kan zafin wannan shaf da yawan kashewa da tayarwa. Abin da maigida mai hankali zai yi shi ne ya sa a buga biyu, a rataye ɗaya a ƙusa kusa da inji, a buɗe murfi bayan mako guda a girgiza fankar da hannu a ji ko ta fara wasa, a kuma share ƙurar garin da ke toshe raga. In an fi son abin da zai daɗe, fankar PLA ta farko ma ba asara ba ce: a sake buga ta an ƙara mata girma da kamar kashi 1.3 cikin 100, fukafukan a ɗan siranta su zuwa sama don su zare daga yashi, a cike ramin, a kai wa masu zubin tukwanen alminiyon su danna ta a yashi su zuba. Ƙarin girman saboda alminiyon yana tsukewa ne idan ya huce. Ramin tsakiya kuma mai injin sassaƙar ƙarfe ne zai huda shi daidai milimita 24, ya yi masa gurbin ɗan sukuru da zai danne filin shaf.